Yadda za ka amsa wa mai ɗaukar ma'aikata idan ya tambaye ka notis ɗinka da ranar da za ka fara aiki

Tambayar takan zo ne ana gab da sallama a waya, ko kuma a layin ƙarshe na imel: "Notis ɗin kwana nawa za ka ba wa wajen aikinka, kuma yaushe za ka iya farawa da mu?" A fom ɗin neman aiki na intanet za ka gan ta a gurabe biyu, "Notice period" da "Earliest start date". Mutum yana cikin ɗokin an kira shi, sai bakinsa ya riga tunaninsa, ya ce ko gobe ma a shirye yake. Daga baya ya buɗe takardar kwantiraginsa ya tarar wata guda cur ke kansa.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Notis ba ya fara ƙirguwa ranar da aka kira ka. Yana farawa ne bayan ka miƙa takardar ajiye aiki, ita kuwa ba a miƙa ta sai takardar ɗaukar sabon aikin ta shigo hannunka a rubuce ka sa mata hannu. Duk amsar da za ka bayar a kan wannan take tsayawa.

Fara da ɗauko takardar da aka ɗauke ka aikin da kake yi yanzu, ka nemi sakin layin da ya yi maganar kawo ƙarshen aiki. Kada ka dogara da abin da abokin aiki ya gaya maka, don sau da yawa notis yana bin matsayi: ƙaramin ma'aikaci wata ɗaya, manaja wata uku. Duba kuma ko an tabbatar da kai ko har yanzu kana lokacin gwaji, domin na gwaji yakan fi gajarta. Idan an yi maka ƙarin girma, karanta takardar ƙarin girman ma, wataƙila ta sauya adadin ba ka lura ba. Wasu kamfanonin kuma a littafin ƙa'idojin ma'aikata suke ajiye maganar, kwantiragin sai dai ya yi nuni gare shi.

In takardar ba ta ce komai ba fa? A Najeriya, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara shi bisa daɗewa a aiki. Wanda bai wuce wata 3 ba, notis ɗinsa kwana 1 ne. Wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 1. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2, daga shekara 5 zuwa sama kuma wata 1. Sashen ya ce notis na mako 1 ko fiye dole ya zama a rubuce, kuma ranar da aka miƙa shi ba ta shiga lissafi. Sai dai akwai wani tarko a nan: dokar tana magana ne a kan masu aikin ƙarfi da na akawu, ta ware masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa. Injiniya ko akanta ko manaja, kwantiraginsa ne alƙalinsa. Shi ya sa na ce takarda za a fara dubawa.

Mataki na biyu shi ne lissafi da kalanda a gaba, kuma nan ne ya kamata a zauna sosai. Mu ɗauki wata akanta da ke aiki a Kano, wani kamfani a Abuja yana nemanta. Jami'in ɗaukar ma'aikata ya kira ta ranar Litinin, 1 ga Satumba 2025. Kwantiraginta ya ce notis na wata ɗaya, ko albashin wata ɗaya a madadinsa. In ta yi lissafin gaggawa za ta ce 1 ga Oktoba, ta yi kuskure biyu a lokaci guda. Na farko, ranar hutun 'yancin kai ce, ofis a rufe. Na biyu, wanda ya fi muni, ta fara ƙirga daga ranar da ba ta da komai a hannu sai muryar mutum a waya.

Abin da ya dace ta yi shi ne ta mayar masa da tambaya: "Yallaɓai, yaushe kuke sa ran fitar da takardar ɗauka?" A ce ya amsa cewa akwai sauran ganawa ɗaya, takarda za ta fito Juma'a, 12 ga Satumba. Ta karanta ta a ƙarshen mako, ta sa hannu, ta miƙa takardar ajiye aiki Litinin 15 ga wata. Ƙirga ya fara 16, wata guda ya cika Laraba, 15 ga Oktoba. Wannan ce ranarta ta ƙarshe a tsohon wuri. Ba za ta rufe ofis a Kano da yammacin Laraba ta wayi gari a tebur a Abuja ranar Alhamis ba, ga kaya, ga neman masauki, ga yara 'yan makaranta in akwai. Saboda haka ranar da za ta iya tsayawa a kai ita ce Litinin, 20 ga Oktoba. Tsakanin amsar gaggawa da amsar gaskiya, kusan mako uku.

Lura da cewa 20 ga Oktoban nan a rataye take da 12 ga Satumba. In takardar ta makara da mako guda, ranar farawa ma ta matsa da mako guda. Kuma takan makara: shugaban da zai sa hannu ya yi tafiya, ko ana jiran amsar waɗanda ka ba da sunansu a tambaye su halinka, ko sakamakon gwajin asibiti. Don haka ba a faɗin rana tsirara, ana faɗinta tare da sharaɗinta.

Na uku, kafin ka amsa ka san ko akwai hanyar rage kwanakin, domin tambayar da za ta biyo baya ita ce, "Ba za a iya matsowa da ita ba?" Hanyoyin da aka saba uku ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Akwai sauran hutun shekara. A ce akantar nan tana da kwana 6 da ba ta ci ba. In wajen aikinta sun yarda ta cinye su a ƙarshen notis, za ta daina zuwa ofis daga Laraba 8 ga Oktoba. Amma fa a takarda ma'aikaciyarsu ce har 15 ga wata, albashinta na tafiya. Mutane da yawa suna ɗauka hutun ya 'yantar da su, su je su fara sabon aiki, alhali kwantiragi da dama sun hana riƙe aiki biyu. Amfanin hutun a nan shi ne ta yi ƙaura a cikinsa, ta iya farawa Alhamis 16 ga Oktoba maimakon 20. Kwana huɗu ta samu, ba mako biyu ba. Ga shi kuma ba kowane kamfani ke yarda a ci hutu cikin notis ba.

Akwai biyan kuɗi a madadin notis. Nan sai a karanta kalmar da kwantiragi ya yi amfani da ita, gundarin albashi ne ko albashi har da alawus. In tana ɗaukar naira 300,000 a wata, gundarin kuwa 120,000 ne, fansar mako biyu za ta kama wajen 60,000 a lissafi ɗaya, wajen 150,000 a ɗayan. Dokar Ƙwadago, ga waɗanda ta shafa, tana cire alawus da kuɗin ƙarin lokaci daga lissafin. Ra'ayina, in sabon kamfanin ne ke gaggawa, su ya kamata su biya, kuma babu kunya a faɗa musu haka. Mai nema yana tare da samu. In sun amince, a sa shi cikin takardar ɗauka.

Ta uku ita ce maigidanka na yanzu ya yafe maka wani ɓangare don kansa. Yana faruwa, musamman in ka shirya miƙa aiki tsaf, amma ba a hannunka yake ba, kuma ba za ka iya tambayarsa ba tun ba ka ajiye aikin ba. Don haka kada ka yi alkawari da shi.

Yanzu sai amsar kanta. Yawanci da Turanci za a rubuta ta, amma ga abin da ya kamata ta ƙunsa:

"Yallaɓai, na gode da saƙonka. Kwantiragina na yanzu ya tanadi notis na wata ɗaya, kuma zan miƙa shi ne a ranar aiki ta farko bayan na karɓi takardar ɗauka a rubuce na sa hannu. Idan takardar ta iso ni zuwa Juma'a, 12 ga Satumba, zan fara aiki ranar Litinin, 20 ga Oktoba, har da kwanakin ƙaura daga Kano. Ina da sauran hutun kwana 6, wanda in aka amince min da shi zan iya farawa 16 ga Oktoba. Idan kuna buƙatata kafin nan, kwantiragin ya ba da damar biyan kuɗi a madadin notis, za mu iya tattauna wannan. Akwai ranar da kuke so lallai a ce an cike gurbin?"

Tambayar ƙarshen nan tana da amfani. Sau da yawa jami'in ba gaggawa yake yi ba, gurbi ne kawai yake cikewa a jadawalin masu neman aiki. Wani lokacin kuma akwai dalili na gaske, kamar rufe lissafin ƙarshen wata ko horon sababbin ma'aikata da ake yi rukuni-rukuni, in ka san shi ka san inda za ka sassauta. A fom ɗin da ba ya karɓar jimla sai kwanan wata, ka yi irin lissafin can, ka ƙara makonnin tantancewa a kan notis ɗinka, ka zaɓi Litinin. In ta waya aka ritsa ka ba ka tuna adadin ba, ka ce za ka duba takardarka ka turo amsa kafin a tashi aiki yau. Ko da ka amsa da baki, bi shi da imel.

Wanda ba ya aiki a halin yanzu ya faɗi gaskiya, babu notis a kansa. Ko shi ma ya fi kyau ya ce mako guda bayan takarda, don ya samu ya haɗa garanto da takardun banki da lambar asusunsa na fansho. Mai hidimar ƙasa ya faɗi watan da zai kammala. Wanda kamfaninsa ya biya masa kuɗin horo bisa sharaɗin zai zauna shekara kaza, ya ambaci wannan tun yanzu, kada ya bari sai an gama magana.

Wani jami'in zai matsa: "Ka fara ajiye aikin mana, takarda tana hanya." Wannan alama ce ta a yi hattara. Maganar baki ba ta biyan kuɗin haya, kuma da zarar ka miƙa takardar ajiye aiki, dawo da ita sai da yardar waɗanda ka miƙa wa. Ka amsa cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ranar da takardar ta iso, washegarin aiki zan miƙa tawa." Wani kuma zai ce ka tafi kawai, ai babu abin da za su yi. Akwai: suna iya cire kuɗin notis daga haƙƙoƙinka na ƙarshe, su riƙe takardar sallama, sabon kamfanin da kansa kuma yana iya neman wannan takardar kafin ya tabbatar da kai.

In takardar ɗauka ta iso, kafin ka duba albashi ma, duba ranar fara aikin da aka rubuta. Akantarmu ta ce 20 ga Oktoba bisa sharaɗin 12 ga Satumba. A ce takardar ba ta zo ba sai Juma'a 19 ga wata, amma an bar 20 ga Oktoba a ciki. Za ta miƙa notis Litinin 22 ga Satumba, ya cika Laraba 22 ga Oktoba, wato ranar da aka rubuta ta faɗa cikin notis ɗinta. Sai ta mayar da takardar a gyara zuwa Litinin, 27 ga Oktoba, sannan ta sa hannu.