Darasi na Bakwai: In Rage Farashi ko In Bari?

A layin masu hatsi akwai rumfuna biyu suna kallon juna, duk wake suke sayarwa. Mu ɗauka kowannensu yana saro mudu a kan naira 2,000, ya sayar 2,400. Ribar mudu ɗaya 400 ke nan. Masu saye a layin sukan ɗauki mudu 40 a wuni, rabi nan rabi can. Idan aka tashi kasuwa, kowa na da ribar 8,000.

Sai mai rumfar gabas ya fara tunanin sauke farashi zuwa 2,300. Ribar mudu za ta koma 300, amma masu saye ba sa wasa da naira ɗari. A ce mutane sun karkata wurinsa ya sayar da mudu 32, ya bar wa maƙwabcinsa 8. Shi ya samu 9,600, maƙwabcin ya tashi da 3,200. To, in kuma su biyun suka rage rana ɗaya fa? Masu saye za su sake rabuwa ashirin-ashirin, kowa ya koma gida da 6,000.

Ka ɗauki alli ka zauna a matsayin mai rumfar gabas. Ba ka san abin da maƙwabcinka zai yi gobe ba. In ya bar farashinsa, ragewa ta fi maka, domin 9,600 ta fi 8,000. In kuwa ya rage, nan ma gara ka rage, don 6,000 ta fi 3,200. Ko ta ina ka duba, lissafi na cewa ka rage. Matsalar ita ce shi ma yana da alli, kuma amsar da ka samu ita ya samu. Washegari sai ku wayi gari kowa na cin 6,000, alhali da kun zauna yadda kuke da 8,000 ce. Babu wanda ya yi wauta a cikinku, amma kowa ya yi asarar 2,000.

Masana lissafi suna kiran wannan tarko da tsaka mai wuyar fursunoni. Merrill Flood da Melvin Dresher ne suka tsara shi a Amurka a 1950, Albert Tucker kuma ya ba shi labarin mutum biyu da aka tsare a ɗakuna dabam, aka yi wa kowanne alkawarin sassauci in ya tona ɗan'uwansa.

Sai dai fursunonin nan sau ɗaya suke zaɓi, ɗan kasuwa kuwa kullum yana fitowa. Wanda ya fara ragewa ya ci ƙarin 1,600 a ranar farko. Da maƙwabcinsa ya farga ya rama, kullum sai ya rasa 2,000. Kafin kwana biyu ribar wayon ta narke, kuma mayar da farashi sama ya fi sauke shi wuya, domin wanda ya fara ɗagawa shi ake gudu. Wannan ne ya sa tsofaffin 'yan kasuwa da suka daɗe a layi ɗaya ba su cika karya wa juna farashi ba, ko da ba sa ga maciji. Wanda ya fi yin haka shi ne baƙon da ya kawo kaya mota guda zai wuce, ko mai bashi a wuya da ake jira ya biya ranar Juma'a. Su ba sa lissafin jibi.

Ragi ba sai an faɗa da baki ba. Mai yin gyara da hannu biyu, ko mai tula mudu har ya yi toliya, ya rage farashi ne a ɓoye. In ka ga farashinku ɗaya amma cinikinka na raguwa, duba nan tukuna. Idan kuma rigimar ta yi tsawo, sai ka fara ganin wake mai tsakuwa da mudun da aka bubbuga wa gindi, domin ana neman fanshe riba daga jikin mai saye.

Lissafin yana da iyaka. Da ribar 300, sai ka sayar da mudu 27 kafin ka wuce 8,000. In maƙwabcinka yana da amintattun masu saye, irin masu abincin sayarwa da yake ba wa bashi, wataƙila ba za ka kai 27 ba, ka ga ragin bai biya ka ba tun ranar farko. Haka kuma in araha ta jawo sababbin masu saye daga wani layin, ku biyu kuna iya ragewa kuma ku ci riba. A kula kuma: kowa ya tsaya a farashinsa don ya yi lissafi daban ne da a haɗa baki a ƙayyade wa jama'a farashi. Dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta Nijeriya, ta 2018, ta hana irin wannan haɗin baki.

Aikin gida: A ce ragin naira 200 ne, farashi ya koma 2,200. Mudu nawa mai rumfar gabas zai sayar kafin ya samu 8,000? Zai bar wa maƙwabcinsa ko mudu ɗaya? Rubuta amsarka, sannan ka gwada da farashin kayan da kake sayarwa.