Yadda ake gwada daidaiton makin malamai biyu a kan insha'i, da abin yi idan sun saɓa

Idan malamai biyu suka duba insha'i guda, wannan ya ba da 7, wancan ya ba da 4, abin da aka saba yi shi ne a haɗa a raba biyu a wuce. Wannan gaggawar ce ke ɓoye matsalar. Kafin a taɓa makin kowane ɗalibi, ana buƙatar a san irin saɓanin: hannun ɗaya ne ya fi tsauri, ko kuwa kowa da fahimtar da ya yi wa tsarin bayar da makin? Maganin kowanne daban ne.

Za mu bi misali ɗaya har ƙarshe: insha'i 40, maki a kan 10, makin ci 5, masu dubawa kuma wata malama da wani malami.

Fara da raba su

Kowa ya duba takardun nan 40 shi kaɗai, ba tare da ya ga makin ɗan'uwansa ba. A rufe sunayen ɗalibai, a sa lamba. Kada a rubuta maki ko gyara da jan biro a jikin takardar, kowa ya rubuta nasa a wata takarda daban. Da zarar na biyu ya hango makin na farko, hannunsa zai karkata can ko bai yi niyya ba, kuma duk lissafin da zai biyo baya ya zama aikin banza. Takardun ma a zaɓo su gauraye, da masu kyau da matsakaita da raunana. Haka kuma, tun kafin a fara a yanke tazarar da za a lamunta. A nan mun ce maki ɗaya.

Jera makin, ka fitar da tazara

Yi layi huɗu: lambar takarda, makin malama, makin malam, sai tazara, wato nata a cire nasa. Kada ka yar da alamar ƙari ko ragi, don ita ce za ta fi yi maka amfani nan gaba.

A misalinmu, sun ba da maki iri ɗaya a takardu 16, wato kashi 40 cikin ɗari. Sun saɓa da maki ɗaya a 17, sun saɓa da maki biyu ko fiye a 7. Ke nan 33 cikin 40 suna cikin tazarar da aka lamunta. Adadin yana da daɗin ji, amma a yi hattara: a ma'aunin da yawancin ɗalibai ke faɗawa tsakanin 4 da 7, kusantar juna da maki ɗaya ba abu ne mai wuya ba.

Yanzu dubi alamomin. Cikin takardu 24 da suka saɓa, malam ne ya ba da ƙasa a 19, malama a 5 kawai. Da saɓanin na tsautsayi ne, da an ga ya rabu kusan rabi da rabi. Tun da ya rinjayi gefe guda haka, hannun malam ya fi tsauri.

Cire rabon sa'a

Inda saɓani ya fi ciwo shi ne a bakin makin ci. Ƙirga mu gani: duka biyun sun ba 24 ci, duka biyun sun kayar da 6. Malama ta ba da ci malam ya kayar a 8, akasin haka kuma a 2. Sun yi daidai a 30 cikin 40, wato 0.75.

Sai dai ko da ido rufe suke ba da maki, dole su yi karo a wasu takardun. Don cire wannan rabon ne masanin ƙididdiga Jacob Cohen ya fito da ma'aunin kappa a 1960. Malama ta ba 32 ci, wato 0.8, malam ya ba 26, wato 0.65. Damar su haɗu a kan ci bisa sa'a ita ce 0.8 sau 0.65, wato 0.52. Damar su haɗu a kan faɗuwa ita ce 0.2 sau 0.35, wato 0.07. Jimilla 0.59.

```
kappa = (0.75 - 0.59) / (1 - 0.59) = 0.39
```

Kappa na 1 na nufin cikakken daidaito, 0 kuma daidai da sa'a. A rabon matakan kappa da masana ƙididdiga Landis da Koch suka yi a 1977, daga 0.41 zuwa 0.60 matsakaici ne, daga 0.61 zuwa 0.80 mai ƙarfi. Namu bai ko kai matsakaici ba, alhali 0.75 ɗin nan ya so ya yaudare mu. Kappa ma yana da nasa rauni: idan kusan kowa ya ci, yakan faɗi ƙasa ko da malaman sun yi daidai a mafi yawan takardu, don haka a riƙa karanta shi tare da ainihin ƙirgen.

Zama a kan takardun da aka saɓa

Ware takardu bakwai ɗin nan masu babbar tazara, da duk wadda ɗaya ya ba ci ɗaya ya kayar. Malaman su zauna da tsarin bayar da maki a gabansu. Kowa ya nuna layin da ya sa ya ba da makinsa, da sashen tsarin da ya dogara da shi. «Haka na ji a raina» ba hujja ba ce a wannan zama.

A irin wannan zama ne asalin matsalar ke fitowa. A ce an gano malam yana rage maki a kan kowane kuskuren rubutu, ya kuma sake ragewa a sashen tsara tunani saboda kurakuran sun hana shi jin daɗin karatun, ita kuwa malama sau ɗaya take ragewa. Laifin tsarin ne da bai fayyace ba. A gyara shi a rubuce, a ce kuskuren rubutu a sashensa kaɗai ake hukunta shi. Sannan a zaɓi takardu uku ko huɗu da aka amince da makinsu, su zama abin kwatance a gaban kowa.

A lura da wanda ke janyewa. Idan kullum ƙaramin malami ne ke komawa kan makin babba, kunya ce ta yi aiki, saɓanin yana nan.

Yanke makin ƙarshe

Inda tazarar maki ɗaya ce kuma ba ta tsallake makin ci ba, raba biyu ya wadatar. Inda zama ya kai su ga matsaya, a rubuta makin da dalilinsa. Inda suka kasa, a miƙa wa mai dubawa na uku, shi ma ba tare da ya ga makin kowa ba. A takardar da aka ba 7 da 4, idan na uku ya ba da 6, ana iya haɗa nasa da wanda ya fi kusa da shi a raba, ko a ɗauki nasa kai tsaye. Ko wanne aka zaɓa, a rubuta ƙa'idar tun farko, a yi wa kowane ɗalibi ita.

Ban goyi bayan a ƙara wa duk takardun malam maki ɗaya don rama tsaurinsa ba. Tsaurin nasa a kan masu yawan kuskuren rubutu ya faɗa, wanda rubutunsa ke da tsabta bai yi asarar komai ba. Takardun da ya riga ya duba shi kaɗai, musamman masu 4, su ya kamata a sake dubawa da gyararren tsarin.

Sake gwaji

A ɗauko sabbin takardun da ba a tattauna a kansu ba, a maimaita komai daga farko. Tsofaffin ba za su nuna gaskiya ba, tun da kowa ya haddace makinsu. Idan alamomin ƙari da ragi sun kusa daidaita kuma kappa ya haura, a raba sauran aikin. Duk da haka hannu yakan sauya idan gajiya ta shigo, don haka a riƙa cusa takarda ɗaya cikin kowace goma da dukansu za su duba, a kwatanta makin a ƙarshen kowace rana.