Kasiya, Amla da Ruwan Shayi: Kurakuran Masu Neman Rufe Furfura

Babban kuskuren shi ne ɗaukar cewa duk wani garin ganye da aka kwaɓa aka shafa a kai zai yi aiki irin na lalle. Lalle yana da wani sinadari da ke shiga cikin silin gashi ya manne da shi, shi ya sa jansa ba ya fita. Kasiya da amla da kofi ba su da wannan ƙarfin. Yawancinsu a bayan silin suke tsayawa, kuma babu ɗayansu da ke iya sa baƙin gashi ya yi haske.

A ce mace ce mai baƙin gashi, furfura ta fara fito mata ta gefen kunne. Ta sayi kasiya, wato garin ganyen filasko, wanda ake rubuta wa Cassia obovata a jikin leda, wasu kuma su kira shi lalle marar launi, alhali ba lalle ba ne. Ta kwaɓa, ta shafa, ta wanke. Baƙin gashin yana nan yadda yake, furfurar kuwa ta koma rawaya-rawaya. Ba jabu aka sayar mata ba. Launin da ke cikin kasiya rawaya ne mai rauni, ba ya nunawa sai a kan farin gashi, kuma cikin 'yan makonni yake dusashewa. Amfaninta na gaskiya shi ne sheƙi da ɗan kauri da take ba gashi. Mai son wannan kawai, ta kwaɓa gram 100 da ruwan ɗumi idan gashin ya kai kafaɗa, ta shafa nan take, ta bar shi awa ɗaya. Mai son rawayar ta fito sai ta sa ɗan ruwan lemun tsami, ta bar kwaɓin ya kwana.

Akwai wani tarko kuma. Idan ruwan da ake wanke kai da shi yana da ƙarfe ko tagulla da yawa, kasiya kan mayar da furfura kore-kore. Maganinsa gwaji: a tara gashin da ya zuba a mataji, a tsoma shi cikin kwaɓin na tsawon lokacin da za a bar shi a kai, a wanke, a duba a rana.

Sai ta koma kan amla, don ta ji an ce tana baƙanta gashi. Amla ɗan itace ne mai tsami daga Indiya, ana busar da shi a niƙe. Ita kaɗai ba rini ba ce, ko kwana aka yi da ita furfura ba za ta rufu ba. Aikinta a cikin haɗi yake: tana rage kaifin jan lalle ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Kashi ɗaya na amla cikin kashi uku ko huɗu na lalle ya isa. In aka wuce haka, tsamin yana bar wa wasu gashi a bushe ƙamas.

Kofi da baƙin shayi ba sa buƙatar dogon bayani. Tabo suke yi, irin wanda suke bari a cikin kofin da aka sha su. Ɗauraye da shayi mai kauri zai ɗan disashe hasken furfura, wanki ɗaya ko biyu ya tafi. A ganina matashin kai ya fi gashin cin moriyar launin.

Abin da matar nan take nema tun farko yana wurin baba, ganyen da ake yin shuni da shi, kuma a nan ma ana tafka kuskure biyu. Na farko, shafa baba kai tsaye a kan furfura, abin da ke ba da shuɗi-shuɗi ko kore. Sai an fara sa lalle furfurar ta yi ja, a wanke, sannan a ɗora baba a ranar ko washegari, shuɗin ya hau kan jan ya ba da baƙi. Na biyu, kwaɓa shi yadda ake kwaɓa lalle. Baba ba ya son tsami, ba ya son jira. Ruwan ɗumi kawai, a shafa cikin minti 10 zuwa 15, a bar shi awa ɗaya zuwa biyu. In ya kwana, launin ya riga ya mutu a cikin kwano. Kada a tsorata da ɗan koren da ake gani ranar farko, iska ce ke nunar da shi cikin kwana biyu.

Duk wanda ya ga wannan wahalar zai gane dalilin zargin garin da aka ce na ganye ne zalla, amma yana baƙanta gashi ƙirin cikin minti 20 a shafa ɗaya. Irin wannan galibi akwai PPD a ciki, sinadarin rinin kanti da ke jawo wa wasu kumburin fuska da ƙuraje masu ruwa. A karanta jerin abubuwan da ke jikin leda. In babu jerin, a ajiye shi. Ko da garin mai kyau ne, a ɗiga kaɗan a bayan kunne a jira awa 48, domin ganye ma yana iya tayar wa fata da borin jini.