Wayarka ta yi shiru sai ka buɗe manhaja saƙonni su kwararo? Duba batir

Kullum sai an kawo mini waya shago ana cewa netwok ne ya hana saƙo shigowa. Gwajin ba wuya. Kulle wayar, ajiye ta minti ashirin, sannan wani ya turo maka saƙo. In ba ta yi ƙara ba, amma da ka buɗe manhajar saƙonni suka kwararo a tare, to tsarin tattalin batir ne ya kwantar da ita. Tun daga Android 6 a 2015 wayoyi ke rage aikin manhajoji in an ajiye su, kamfanoni kuma kowa ya ƙara nasa takunkumin.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne manhajojin nan na share waya da ƙara gudu. Ƙanena ya taɓa sa wata a wayar shago, wai batir ya kai dare tunda ba wuta. Wani kwastoma ya turo da safe yana neman wayoyi da yawa ga yaransa, ban gani ba sai bayan La'asar, ya riga ya saya a wani wuri. Haba jama'a! Duk danna maɓallin sharewa kashe manhajojin da ke jiran saƙonka ne, kuma farfaɗo da su ma cin batir ne. Ni dai goge irinsu nake yi, ba na neman shawarar kowa. Haka masu danna `Force stop` don nishaɗi: manhajar da ka tsayar haka ba za ta sake karɓar sanarwa ba sai ka buɗe ta da hannunka.

Na biyu, mutum ya kunna `Notifications` ya ɗauka ya gama. Wannan izinin nunawa ne kawai. Danne alamar manhajar, shiga `App info`, sai `Battery`, ka zaɓi `Unrestricted`. A Samsung leƙa `Background usage limits`, ka cire ta daga `Deep sleeping apps`, don abin da ke can ba ya motsi sai an buɗe shi. A Redmi kunna mata `Autostart`. A Tecno, Infinix da itel kuwa, nemi `Auto-start management` cikin Phone Master.

Kar kuma ka sake wa kowace manhaja mara, batirin ba zai kai Azahar ba. Tawa uku na ware: ta hira, ta banki, da imel.

`Data Saver` ma yana toshe data a bayan fage, sai ka ba manhajar `Unrestricted data`. Kada ka taɓa taƙaita Google Play services, ta nan yawancin sanarwa ke bi. In an sabunta tsarin waya, sake duba saitin, ka maimaita gwajin minti ashirin ɗin.