Shirya Takalmi da Ƙafa don Tattakin Mina da Arfa

Alhazan da ke tattaki daga Mina zuwa Arfa suna cin tazarar kusan kilomita 14, ga kuma kai-komon jifan Shaiɗan, saboda haka shirin ƙafa tun daga gida ake fara shi.

Da farko, a sayi takalmin da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar sararin faɗin yatsa a gaba. Namiji mai harami ya zaɓi sandal mai maɗauri wanda bai rufe idon sawu ba, domin silifas ɗin roba yana goge tsakanin yatsu.

Bayan haka, a riƙa tafiya da shi kullum na wata guda, ana ƙara nisa sannu a hankali. Duk wurin da ya yi ja ko zafi, nan bororo zai fito, sai a manna filasta kafin fata ta tashi. A yanke farce kafin ɗaura harami.

Mace, wadda aka yarda ta sa safa, ta riƙe biyu ko uku a jaka, ta canja da zarar gumi ya jiƙa wadda ta sa, ta shanya ƙafa tukuna. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, kuma kada ya taka kwalta ba takalmi.