Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kafa Layin Gefe a SQS

Duk wanda ya taɓa bin layi a banki ya san abin da ma'aikaci ke yi idan aka zo kan wanda takardarsa ba ta cika ba. Ba ya tsayar da mutum hamsin saboda shi. Cewa yake, "Malam, ɗan koma gefe," layi ya ci gaba da tafiya, daga baya a waiwayo a duba matsalarsa. Haka manhajojin da ke karɓar aiki daga layin saƙonni suke yi. Saƙon da ya faɗi sau da yawa ana kwashe shi zuwa wani layi na daban domin sauran su wuce. A allon Amazon SQS, wato hidimar layin saƙonni ta kamfanin Amazon, sunansa `Dead-letter queue`, ni kuwa zan kira shi layin gefe.

Kafa shi ba wuya. Ka buɗe layi na biyu, iri ɗaya da na farko kuma a yanki ɗaya, sannan ka saka wa babban layin wannan ƙa'ida:

```json
{
  "deadLetterTargetArn": "arn:aws:sqs:eu-west-1:111122223333:rasit-gefe",
  "maxReceiveCount": "5"
}
```

Ma'anarta, saƙon da aka ɗauka sau biyar ba a goge shi ba, a kai shi gefe, domin sai manhaja ta gama aikin saƙo take goge shi daga layi. Shi ke nan. Wahalar tana cikin abin da ke biyo baya, kuma zan bi ta da misali guda: a ce makaranta ce mai manhajar da ke tura wa iyaye rasit ta saƙon waya duk lokacin da aka biya kuɗin zango. Kowane biya saƙo ɗaya ne a layi, ɗauke da lambar rasit, adadin kuɗi da lambar wayar uba ko uwa.

Haɗa mai ciwon kwana ɗaya da wanda ba ya warkewa

Faɗuwar saƙo iri biyu ce, kuma yawancin ɓarnar daga rashin bambanta su take farawa. Akwai saƙon da shi kansa ne gurɓatacce. Magatakarda ya buga harafin O a madadin sifili a lambar waya, ko lambar ta zo da alƙaluma goma maimakon goma sha ɗaya. Wannan ko sau dubu ka gwada, faɗuwa zai yi. Akwai kuma saƙon da lafiyarsa ƙalau, kamfanin da ke tura saƙonnin waya ne ya ɗauke na ɗan lokaci. Shi jira kawai yake buƙata.

Duba abin da ke faruwa idan ka bar komai yadda ya zo. A SQS, idan manhaja ta ɗauki saƙo, ana ɓoye shi na wani lokaci kafin ya sake bayyana, kuma asalin wannan lokaci, wato `VisibilityTimeout`, sakan 30 ne. A ce ka saka `maxReceiveCount` a kan 3. Kamfanin saƙonni ya ɗauke na minti goma a ranar da iyaye suka fi biya. Kowane saƙo zai faɗi, ya dawo bayan sakan 30, ya sake faɗuwa, kuma cikin kamar minti ɗaya da rabi ya cinye damarsa. Kafin kamfanin ya dawo, kusan duk rasit ɗin da suka shigo a wannan tsakanin suna gefe, alhali babu gurɓatacce ko ɗaya a cikinsu. Alamar gane wannan ita ce layin gefe ya cika a lokaci guda, kuma duk da dalili ɗaya. Gurɓatattun saƙonni na gaske ɗai-ɗai suke zuwa.

Gyaran shi ne ka riƙa ƙara tazara. Kowane saƙo yana zuwa da `ApproximateReceiveCount`, adadin sau nawa aka ɗauke shi. Idan faɗuwar ta ɗan lokaci ce, manhajarka ta kira `ChangeMessageVisibility` ta ninka jiran: minti 1, sai 2, sai 4, sai 8. Da gwaji biyar, na ƙarshe zai zo a minti na 15, ya tsallake ɗaukewar minti goma cikin sauƙi. Shi kuwa mai harafin O, babu amfanin ɓata masa gwaji biyar. Da zarar manhaja ta duba ta ga lambar ba lamba ba ce, ta rubuta shi a jerin abubuwan da magatakarda zai gyara, ta goge shi daga layi.

Akwai wani tarko a nan kusa. Idan aikin saƙo ɗaya yana cin sakan 45 amma lokacin ɓoyewa 30 ne, saƙon zai bayyana tun ana kan aikinsa, wata manhajar ta ɗauka, ƙidaya ta hau. Uba ya sami rasit biyu, ko kuma saƙo mai lafiya ya ƙare a gefe. Ga masu amfani da Lambda, hidimar Amazon da ke gudanar maka da manhajarka duk lokacin da saƙo ya shigo, shawarar Amazon ita ce lokacin ɓoyewa ya kai aƙalla ninki shida na wa'adin da aka ba aikin, `maxReceiveCount` kuma kada ya gaza 5. Har ma leƙa saƙonni ta allon SQS ana ƙirga shi a matsayin ɗauka, don haka mai yawan leƙe a babban layi zai iya tura saƙo gefe da hannunsa bai sani ba.

Wake ɗaya ya ɓata gari

Lambda ba ta ɗaukar saƙo ɗai-ɗai. A asali har goma take kwasowa a tashi ɗaya. Idan ɗaya ya jawo kuskure kuma ka bar kuskuren ya kayar da aikin, duka goman ake ɗauka sun faɗi, duka kuma za su dawo layi. Ka ga waɗanda aka riga aka tura wa rasit za su sake samu, ƙidayarsu tana hawa tare da ta mai laifin, wasunsu ma su bi shi gefe. An kafa layin gefe don kada ɗaya ya tare hanya, sai ga shi ɗayan ya ja maƙwabtansa.

Tun ƙarshen 2021 akwai maganin wannan. Ka kunna `ReportBatchItemFailures` a haɗin da ke tsakanin layin da Lambda, ka kama kuskuren kowane saƙo shi kaɗai, a ƙarshe ka mayar da sunayen waɗanda suka faɗi kawai:

```json
{
  "batchItemFailures": [
    { "itemIdentifier": "lambar-MessageId-ta-wanda-ya-fadi" }
  ]
}
```

Tara su wuce, ɗaya ya dawo. Sai dai kunna shi kaɗai bai isa ba. Idan har yanzu kuskure na iya kuɓuce maka ya kayar da aikin gaba ɗaya, goman ne dai za su dawo.

Ajiye a gefe, a manta

Wannan ne kuskuren da ya fi ba ni tsoro, domin ba ya kuka. Kafin a kafa layin gefe, saƙo mai matsala yana damun kowa har a gyara shi. Bayan an kafa, komai sai ya yi tsit, babban layi fes, kowa ya ɗauka lafiya lau. Amma SQS ba ya riƙe saƙo har abada. Asalin wa'adinsa kwana 4 ne, iyakarsa kwana 14, kuma idan wa'adi ya cika gogewa yake yi ba tare da sanarwa ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a layi na gama-gari agogon ba ya komawa farko idan saƙo ya koma gefe. Daga ranar da ya fara shiga babban layi ake ƙirgawa. Saƙon da ya kwana uku a babban layi saboda cunkoso, idan layin gefe ma kwana 4 aka ba shi, kwana ɗaya ya rage masa. A layin FIFO, wanda ke fitar da saƙonni bisa jerin shigowarsu, a nan ne kawai agogon ke sake farawa. Ko ba cunkoso ma, rasit ɗin da ya faɗi ranar jajiberin Sallah, aka haɗa hutu da ƙarshen mako, ranar da aka dawo ofis babu shi babu alamarsa. Ka ba layin gefe cikakken wa'adi:

```bash
aws sqs set-queue-attributes --queue-url "$GEFE" \
  --attributes MessageRetentionPeriod=1209600
```

Wannan adadin kwana 14 ne a sakan. Sannan ka saka ƙararrawa a CloudWatch, hidimar sa ido ta Amazon, kuma a nan ma ana zamewa. Hankali zai kai ka ga `NumberOfMessagesSent`, amma saƙon da SQS ya kwashe da kansa zuwa gefe ba ya shiga wannan ƙidaya, ƙararrawar za ta yi ta barci ko da layin ya cika maƙil. Wanda ake so shi ne `ApproximateNumberOfMessagesVisible`, ya yi ƙara da zarar ya haura sifili. Kuma ƙarar ta tafi wayar mutum takamaimai. Imel ɗin da mutum takwas ke karɓa, babu mai buɗe shi.

Wanda ya zo dubawa zai tarar da saƙon, amma ba zai tarar da dalilin faɗuwarsa ba, don SQS ba ya liƙa masa bayanin kuskure. Saboda haka duk lokacin da saƙo ya faɗi, manhajarka ta rubuta `MessageId` ɗinsa tare da kuskuren a rajistar aikinta. Lambar ba ta canzawa idan ya koma gefe, da ita za ka bi sawu.

Mayar da su gaba ɗaya ba tare da an duba ba

An ga saƙo 800 a gefe, sai wani ya danna maɓallin mayarwa kafin a gano abin da ya kai su. Idan gurɓatattu ne, zagaye kawai za su yi su dawo. Idan kuma ɗaukewar kamfanin saƙonni ce ta tara su, zuba masa 800 a tashi ɗaya yana farfaɗowa zai iya sa ya fara ƙin karɓa, ka koma gidan jiya. Ka fara buɗe biyar ko goma ka karanta, ka gyara musabbabin, sannan ka sake su a hankali:

```bash
aws sqs start-message-move-task --source-arn "$GEFE_ARN" \
  --max-number-of-messages-per-second 5
```

A biyar cikin sakan ɗaya, 800 za su wuce cikin ƙasa da minti uku, kana kallo, kuma kana iya tsayar da aikin idan ka ga suna sake faɗuwa.

Saura abu ɗaya da ke cizon waɗanda suka yi duk wannan daidai. Saƙon da aka mayar daga gefe sabo ne a wurin SQS, da sabon `MessageId`. Idan da wannan lambar manhajarka ke gane abin da ta riga ta yi, ba za ta gane shi ba. Kuma wasu daga cikin 800 ɗin an riga an tura rasit ɗinsu, amsar kamfanin ce kawai ta makara aka ɗauka sun faɗi. Shi ya sa za ka dogara da abin da ke cikin saƙon, wato lambar rasit: kafin turawa manhaja ta duba tebur ko an riga an tura wannan lambar, in an tura ta goge saƙon ta wuce. A rasit, maimaici ɗan abin kunya ne kawai. Idan layin na cire kuɗi daga asusun iyaye ne, an ciri kuɗin zango sau biyu ke nan. A layin FIFO kuma sai ka ƙara da duba jeri, domin saƙon da ya koma gefe ya fita daga sahunsa: idan "soke rasit" ya wuce alhali "buɗe rasit" yana gefe, mayar da shi zai buɗe rasit ɗin da aka riga aka soke.