Maɓallin da aka danna bai amsa ba: kurakuran da aka fi yi wajen tsara manhaja ga ƙananan wayoyi

Idan mai amfani da manhajarka ya rubuto cewa "ina danna wannan, wancan ke amsawa", ko "sai na danna sau uku kafin ya yi", kada ka yi saurin cewa gilashin wayarsa ne ya lalace. Yawanci laifin tsarin shafin ne. Duk maɓalli abu biyu ne a haɗe, akwai hoton da ido ke gani, akwai kuma akwatin da ke karɓar taɓawar yatsa, wanda ba a ganinsa. A wayar da ka yi aikin a kanta, su biyun sun dace da juna. A ƙaramar waya sai su rabu. Misalan nan duka na Android ne, domin ita ce a hannun mafi yawan mutanenmu, kuma da yawansu wayoyi masu sauƙin kuɗi suke riƙe da su, irin ƙananan itel da Tecno.

Auna girma da fiksel

Wannan shi ne kuskuren farko, kuma daga shi sauran ke tsirowa. Fiksel ba shi da tsayayyen girma. Maɓalli mai faɗin fiksel 96 yana da girma sosai a tsohuwar waya, amma a waya mai allon da fiksel ya cika maƙil sai ya koma ɗan mitsitsi. Shi ya sa Android ke da ma'aunin `dp`. A allo mai `160 dpi`, wato fiksel 160 a kowane inci, `1dp` fiksel ɗaya ne. A `320 dpi` fiksel biyu. A `480 dpi` fiksel uku. Wato girman `dp` a ƙarƙashin yatsa kusan ɗaya ne a kowace waya.

Lissafin da ya kamata ka riƙe a kai shi ne faɗin allo da `dp`. Ka ninka fiksel ɗin faɗi da 160, ka raba da `dpi`. Waya mai fiksel 1080 a faɗi da `420 dpi` tana da kimanin `411dp`. Mai 720 da `320 dpi` tana da `360dp`. Mai 480 da `240 dpi` kuwa `320dp` kacal. Ka ga ke nan tsakanin wayar mai rubuta manhaja da ta wanda ya saye ta a kasuwa akwai tazarar kusan `90dp`, wuri ne da zai ɗauki kusan maɓalli biyu.

Kafa maɓallai da tsayayyen faɗi

A nan ne hawa kan juna ke faruwa, don haka bari mu bi misali guda daki-daki. Ka ɗauki manhajar sauraron karatu mai maɓallai biyar a jere a ƙasan allo: komawa baya, kunnawa, zuwa gaba, maimaitawa, da saukewa. Mai tsarawa ya ba kowanne `64dp`, ya bar `16dp` tsakaninsu da `12dp` a kowane gefe. Jimilla `408dp`. A wayarsa mai `411dp` komai ya zauna daram. Sai ya jingina uku na farko da gefen hagu, biyu na ƙarshe da gefen dama, tsakanin na uku da na huɗu akwai sararin `19dp`.

Yanzu a buɗe manhajar a waya mai `360dp`. An rasa `51dp`, kuma babu inda zai fito sai daga wancan sararin na tsakiya. Sararin ya ƙare, maɓallin maimaitawa ya hau kan na zuwa gaba da `32dp`, rabinsa cur. Abin haushin shi ne ido ba lallai ya lura sosai ba, tunda alamomin da ke tsakiyar maɓallan ƙanana ne, ba su taɓa juna ba, sai dai kawai sun matsu. Akwatunan ne suka haɗu. Idan akwati biyu suka haɗu, Android na ba wanda ke sama taɓawar, wato galibi wanda aka rubuta daga baya a tsarin. Sai mutum ya danna gefen dama na "gaba", karatu ya shiga maimaitawa. A waya mai `320dp` kuwa, hawan ya kai `72dp`, ya zarce faɗin maɓallin gaba ɗaya.

Gyaran shi ne ka daina faɗa wa maɓalli faɗinsa, ka bar layin ya raba wurin da ke akwai. A cikin `LinearLayout` na kwance, kowane maɓalli ya zama haka:

```xml
<ImageButton
    android:layout_width="0dp"
    android:layout_weight="1"
    android:layout_height="56dp"
    android:scaleType="center" />
```

A waya mai `320dp`, bayan cire gefe biyu, saura `296dp`, kowanne ya samu kimanin `59dp`. A babbar waya kowanne zai samu kusan `77dp`. Alamar tana nan da girmanta a tsakiya, akwatin ne ke miƙewa yana takurewa, kuma babu yadda za a yi ɗaya ya hau ɗaya.

Rage girman komai don ya shiga

Wannan gyara ne da ke kama da dabara, amma a ganina ya fi ciwon muni. Mutum zai lissafa cewa ƙaramar waya kashi 78 cikin 100 ce ta babbar, sai ya ninka komai da 0.78. Shafin zai yi kyau a hoto, babu abin da ya hau wani. Sai dai maɓallin da yake `48dp` ya koma `37dp`, alhali yatsan mai ƙaramar waya bai ragu ba. Kamar tela ne ya ga yadi bai isa ba, sai ya rage wuyan riga har kai ya kasa shiga.

Ƙa'idar Google ita ce wurin taɓawa kada ya gaza `48dp` a faɗi da tsayi, da aƙalla `8dp` tsakanin biyu. Apple na cewa `44pt`. Wannan shi ne mafi ƙarancin girma, ba a sauka ƙasa da shi. Abin da ya halatta ya ragu shi ne sarari, hotunan ado, da manyan kanun rubutu. Idan ka yi lissafi da wannan ƙa'ida a `296dp` ɗin nan, maɓallai biyar ne iyakar abin da zai shiga layi ɗaya. Ranar da aka ce a ƙara na shida, sai ɗaya ya koma cikin jerin ƙarin zaɓi, ko a yi layi na biyu. A misalinmu, saukewa ne zai koma, domin sau ɗaya ake danna shi, kunnawa kuwa kullum.

Alama ƙarama, akwati ƙarami

Wani lokaci babu abin da ya hau wani, amma taɓawar na faɗawa a banza. Dubi alamar rufewa mai `24dp` a kusurwar allo. An ba ta sarari a kewaye da `layout_margin`, ta yi kyau. Amma `margin` a wajen akwatin yake, ba ya karɓar taɓawa. `padding` ne ke ciki. Ka canza `12dp` ɗin nan daga `margin` zuwa `padding`, alamar ba za ta motsa ba ko kaɗan, amma akwatinta ya zama `48dp`.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskuren da ke ruɗa ko da ƙwararru. Maɓalli ya leƙo waje daga cikin mazauninsa, wato babban akwatin da ke ɗauke da shi, an sa `clipChildren="false"` don ya fito gaba ɗaya. Ido na ganinsa cikakke, amma ɓangaren da ya fita daga iyakar mazaunin ba ya samun taɓawa, domin taɓawar ta mazaunin take bi kafin ta iso gare shi. Alamarsa ita ce rabin maɓalli na aiki, rabi a mace. Maganinsa a faɗaɗa mazaunin.

Haka kuma abin da aka ɓoye da `alpha` sifili yana nan daram, idan mai karɓar dannawa ne zai ci gaba da haɗiye taɓawar da aka nufi na ƙarƙashinsa da ita. In ana so ya ɓace da gaske, `View.GONE` ake sa masa.

Mantawa da saitin mai waya

Faɗin allo da `dp` ba tsayayye ba ne ko a waya guda. Tun Android 7 mutum na iya ƙara girman abubuwan da ke allonsa daga saiti, kuma dattawa da masu raunin gani na yin hakan. Wayar `360dp` na iya komawa `320dp` ko ƙasa. Girman rubutu ma haka, a Android 14 ana iya kai shi har ninki biyu. Maɓalli mai rubutu da aka ƙayyade wa tsayi zai yanke kalmomin, wanda aka kafa a ƙarƙashinsa da tsayayyen lissafi kuma zai shige cikinsa. Ka ba rubutu ma'aunin `sp`, tsayin maɓalli ya zama `wrap_content` tare da `minHeight` na `48dp`, sannan na ƙasa ya jingina da na sama, ba da saman allo ba.

Sai kuma gindin allo. Manhajar da aka gina don Android 15 tana shimfiɗuwa har ƙarƙashin sandar kewayawa ta wayar. Idan ba ka karanta girman sandar ta `WindowInsetsCompat.Type.systemBars()` ka ɗaga layin maɓallanka ba, mai amfani da sandar nan mai maɓallai uku zai nufi "kunna" ya tsinci kansa a wajen manhajar.

Gwaji a waya ɗaya

Ba sai ka sayi wayoyi goma ba. Ka buɗe `Developer options`, ka kunna `Show layout bounds`. Nan take za a zana iyakar kowane akwati a allo, ka ga wanda ya hau wani da wanda ya yi ƙanƙanta. `Pointer location` kuma na nuna ainihin inda yatsa ya sauka, wanda shi ke raba gardama tsakanin laifin manhaja da laifin gilashi: idan ka ja yatsa layin ya yanke a wani wuri, allon ne ya samu matsala, in kuwa alamar ta sauka a kan maɓalli bai amsa ba, aikinka ne.

Don mayar da wayarka ƙarama, a waya mai fiksel 720 a faɗi:

```
adb shell wm density 360
adb shell wm density reset
```

Umarnin farko zai mayar da faɗin `320dp`, na biyu ya dawo da ita yadda take. Kafin ka dawo da ita, ka kai girman rubutu ƙarshe, ka kunna sandar maɓallai uku, ka riƙe wayar da hannu ɗaya. Sannan ka danna kowane maɓalli da babban yatsa a gefunansa huɗu, ba a tsakiya kaɗai ba, domin gwaji da linzamin kwamfuta kullum tsakiya yake samu, hawan akwati kuwa daga gefe yake farawa.